Tunin Bashi: Gaisuwa Mai Taushi, Wa'adi Mai Ƙarfi

Akwai wani zama da kusan duk mai sana'a ya san shi. An gama aiki, an kai kaya, kwastoma ya yaba har da sa albarka, amma cikon kuɗi ya maƙale. Mai sana'ar ya ɗauki waya ya fara rubutu, ya goge, ya sake rubutawa, ya sake gogewa. A ƙarshe abin da yake turawa bai wuce "Salamu alaikum Alhaji, kwana biyu, ya iyali?" ba, da fatan Alhajin zai gane abin da ke bayan gaisuwar. Alhaji kuwa ya amsa da "Lafiya lau, alhamdu lillahi," magana ta mutu a nan.

Kunya da kara ne ke riƙe hannun mai bin bashi, kuma halaye ne masu kyau. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka wanda yake bi yau ya san gobe shi ma ana iya bin sa. Inda matsalar take shi ne yadda mutane da yawa suka ɗauka hanya biyu ce kawai a gabansu: ko su yi ta lallashi kamar masu roƙon alfarma, ko su haɗiye har ran da zuciya za ta ɗebe su a yi baram-baram. Alhali ladabi da tsayuwa kowanne da mazauninsa a cikin saƙo. Ladabi yana zaune a gaisuwa, da laƙabin girmamawa, da kyautata zato. Tsayuwa kuma tana zaune a abu uku: adadin kuɗi, ranar biya, da abin da zai biyo baya idan ranar ta wuce. Mutum na iya cika na farko maƙil ba tare da ya rage ko ƙwayar zarra daga na biyu ba.

Don a ga yadda abin ke aiki, a ƙaddara wata tela ce a Kano mai ɗinka wa makarantu kayan ɗalibai. Wata makaranta mai zaman kanta ta ba ta aikin kaya 120, kowanne a kan naira 6,500, jimla naira 780,000. An ba ta kafin alƙalami naira 400,000, aka yi da ita cewa cikon naira 380,000 za a biya cikin mako biyu bayan ta kai kayan. Ta kai ranar Litinin 2 ga Satumba, wa'adi ya faɗa ranar Litinin 16 ga wata. Ranar ta zo ta wuce, babu alat. Ita kuma mai yadi a Kantin Kwari yana bin ta naira 150,000, ga yaran shago suna jiran kuɗin aikinsu.

Saƙon da zuciyarta za ta fara raya mata shi ne irin wannan: "Ranka ya daɗe, don Allah ka yi haƙuri da damun ka da nake yi. Dama maganar ɗan abin nan ne, in da hali a taimaka mana, wallahi yara sun matsa min."

Kowace gaɓa ta wannan saƙo tana rage mata ƙarfi. Ta fara da ba da haƙuri, wanda ke nuna kamar ita ce mai laifi. Ta kira naira 380,000 "ɗan abin nan", ta ƙanƙantar da kuɗin da kanta, kuma babu adadi balle a san ko lissafinsu ya zo ɗaya. "In da hali" ta miƙa wa Alhaji amsarsa a hannu, don abin da zai ce kawai shi ne babu hali yanzu. "A taimaka mana" ta mayar da haƙƙi ya koma kyauta, ita kuwa kyauta mai bayarwa ne ke zaɓar lokacinta. Maganar matsin yara ma, ko da yake gaskiya ce, ta ɗora dalilin biya a kan buƙatarta, alhali dalilin biya shi ne an yi aiki an karɓa kuma wa'adi ya cika. Da ba ta da buƙatar ko kwabo, kuɗin nata ne.

Ga yadda tuni na farko ya kamata ya kasance, ranar Talata 17 ga Satumba, washegarin cikar wa'adi:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da warhaka, da fatan an koma karatu lafiya. Ina tuni ne a kan cikon kuɗin kayan ɗalibai 120 da na kawo ranar 2 ga Satumba. Jimlar aikin naira 780,000, an biya 400,000, saura 380,000, wanda muka yi za a biya ranar 16 ga Satumba. Na duba asusuna yau da safe ban ga shigowarsa ba. Ina so a tura kafin ƙarshen ranar Juma'a 20 ga Satumba, ga lambar asusuna a ƙasa tare da hoton rasit. Idan an riga an tura, a aiko min da shaidar biya in bincika a banki. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Babu kalma ɗaya mai zafi a ciki, kuma babu ƙofar da aka bari a buɗe. Lissafin yana nan dalla-dalla, ta yadda ko mai kula da kuɗin makarantar aka tura wa saƙon zai iya biya ba tare da ya tambayi komai ba. Wannan na da muhimmanci, domin a makaranta ko kamfani sau da yawa wanda ya ba da aiki daban, wanda ke fitar da kuɗi daban, kuma saƙon da sai an kira an yi bayani kafin a gane shi yakan kwana a waya. Jimlar da ta ce "na duba asusuna ban ga shigowarsa ba" ta faɗi abin da ya faru ba tare da ta ce wa kowa ya ƙi biya ba. Ta ƙarshen kuma ta bar wa Alhaji hanyar fita da mutuncinsa, tunda kuɗi kan maƙale tsakanin bankuna, kuma mantuwa ma tana faruwa.

Saurin tunin ma saƙo ne. Wanda ya bari mako uku suka shuɗe kafin ya yi magana ya koya wa kwastomansa cewa ranar da aka sa ado ce kawai. Wanda ya yi tuni washegari, cikin fara'a, ya nuna yana riƙe da littafinsa, kuma a lokacin ransa bai ɓaci ba, don haka kalamansa za su fito a natse.

To, Juma'a ta wuce, shiru. A nan ne ya dace ta kira shi ranar Litinin 23 ga wata, domin murya tana fito da abin da rubutu ke ɓoyewa. Amsar da za ta ji sananniya ce: "Hajiya, a ƙara haƙuri, iyaye ba su gama kawo kuɗin makaranta ba, in sha Allahu za a duba." Wannan shi ne mashigin da yawancin basussuka ke nutsewa, saboda mai bi yakan ce "To, Allah ya hore," ya kashe waya da sanyin rai, ba tare da ya lura cewa bai sami komai ba. "Za a duba" ba ta da rana. "Ƙarshen wata" ma ba ta da rana matuƙar ba a faɗi wane wata da wace ranar ba.

Abin da za ta yi shi ne ta karɓi uzurin, sannan ta ɗaure shi da tambaya biyu: "Na fahimta, ranka ya daɗe, Allah ya kawo sauƙi. Nawa za a iya turawa a wannan makon, kuma wace rana za a cika sauran?" Daga nan sai ta yi shiru ta bar shi ya amsa. Shirun nan yana da wuya ga mai kunya, don harshe zai so ya cike gurbin da "ba komai, duk yadda ya samu", amma wannan kalmar ce za ta rushe duk abin da ta gina.

Amsar da zai bayar ita ke bambanta mutum biyu da suke kama da juna daga nesa, wato wanda ya kasa da wanda ya ƙi. Wanda ya kasa yakan ɗauki waya, ya faɗi matsalarsa, ya kawo adadi ko da kaɗan ne, ya sa rana. Mai taurin bashi kuwa yakan sauya uzuri kowane mako, ya guje wa ambaton rana, ko kuma ya tono wani aibi a jikin kayan da ya karɓa tun makonni uku ba tare da ya ce uffan ba. Addinin Musulunci ma ya raba su. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, yayin da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya sanya jan ƙafar mai hali wajen biya a cikin zalunci. Saboda haka sassauci ga na farko ibada ce, tsayuwa ga na biyu kuma babu rashin tarbiyya a cikinta.

A ce Alhaji ya amsa cewa zai tura naira 200,000 ranar Juma'a 27 ga Satumba, sauran 180,000 kuma ranar Juma'a 11 ga Oktoba. Kafin ta ajiye wayar daga hannunta, sai ta rubuta masa: "Na gode da lokacin da ka ba ni, Alhaji. Kamar yadda muka yi yanzu, cikon naira 380,000 za a biya shi kashi biyu: 200,000 ranar 27 ga Satumba, 180,000 ranar 11 ga Oktoba. Don Allah a amsa min da 'haka ne' don mu kasance a kan lissafi ɗaya."

Wasu na ganin neman a rubuta kamar nuna rashin yarda ne. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa da kafa shaidu take, kuma ga muminai aka yi umarnin, mutanen da suka yarda da juna. A ɓangaren doka ma wannan 'yar amsa tana da nauyi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar bayanan na'ura a kotu idan an cika sharuɗɗansa, don haka saƙon WhatsApp ko na tes na iya zama hujja. Sannan dokokin jihohi sun ƙayyade lokacin da za a iya kai ƙarar bashin ciniki, shekara 5 ko 6 gwargwadon jiha, kuma amincewa da bashin a rubuce tana iya sa a fara ƙirga lokacin daga farko. Wannan ne ma dalilin da ya sa saƙon murya, duk da sauƙinsa, bai kai rubutu ba a nan: adadi da rana sukan ɓace a cikin doguwar magana, kuma da wuya a tura shi ga akanta ya yi aiki da shi.

Ranar 27 ga wata alat ya shigo, naira 200,000. Godiya ta wajaba, amma godiyar ma tana da tsarinta: "Na ga naira 200,000, na gode, Allah ya saka da alheri. Saura 180,000 ranar 11 ga Oktoba kamar yadda muka yi." Wanda ya yi godiya ya manta da ambaton saura yakan wayi gari kwastoma na ganin kamar an yafe, ko kuma an daina ƙirga kwana.

Idan 11 ga Oktoba ta wuce babu labari, an saɓa alkawari sau uku ke nan, kuma lokacin takarda ya yi. Muryar saƙon takan sauya a nan, gaisuwa ta gajarce, tarihi ya fito a jere:

"Salamu alaikum Alhaji. Ina rubuto wannan ne a kan naira 180,000 da suka rage daga kuɗin kayan ɗalibai 120 da na kawo ranar 2 ga Satumba. Wa'adin farko ya cika ranar 16 ga Satumba. Na yi tuni ranar 17, muka yi magana ranar 23, ka amince a rubuce cewa za a cika ranar 11 ga Oktoba, kuma har yau 14 ga Oktoba kuɗin bai shigo ba. Ina neman a biya naira 180,000 cikin kwana 14, wato zuwa ranar Litinin 28 ga Oktoba. Daga yau na dakatar da ɗinkin kayan wasanni da kuka ba ni har sai an kammala biyan wannan. Idan ranar ta wuce ba a biya ba, zan shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka. Na fi son mu gama wannan a tsakaninmu mu ci gaba da hulɗa kamar da. Na gode."

Ƙarfin wannan takarda yana cikin cewa duk abin da ta ambata abu ne da ke hannunta kuma za ta iya aikatawa. Dakatar da sabon aiki ikonta ne, kuma ga yawancin masu sana'a shi ne makami mafi kaifi, tunda kwastoma na buƙatar kayan gobe. Kotun ma ba tatsuniya ba ce. Jihar Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, wasu jihohi kuma suka bi sahu. A cikin kotunan majistare suke zama, an tsara su ne don a gama shari'a cikin kwana 60, mutum na iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba, kuma iyakar kuɗin da suka fara da ita naira miliyan 5 ce. Sharaɗin shiga shi ne mai ƙara ya fara aika wa wanda yake bi takardar neman biya, akwai ma fom na musamman da ake karɓa a rajistar kotun don haka. Ya kamata telar ta leƙa can ta karɓi fom ɗin ta haɗa da takardarta, ta kai makarantar da hannu, a sa mata hannu da kwanan wata a kwafinta.

Kafin a kai ga kotu akwai matakin da mutanenmu suka fi sabawa da shi, kuma sau da yawa ya fi sauri: a sa wani babba da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, kamar wanda ya haɗa cinikin tun farko, ko shugaban ƙungiyar masu sana'ar, ko mai unguwa. Ladabin wannan shi ne a gaya wa wanda ake bi tukuna cewa za a yi hakan, don kada ya ji an kai shi gaba a ɓoye.

Akwai kuma barazanar da ke juyowa kan mai yin ta. Ta farko ita ce "zan sa 'yan sanda su kama ka". Sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma kotunan Najeriya sun sha nanata cewa karɓo bashi ba aikin 'yan sanda ba ne. Wanda aka tsare a kan haka na iya kai ƙarar tauye masa haƙƙi, a wayi gari mai bin naira 180,000 shi ake cewa ya biya diyya. Ta biyu ita ce tonon asiri, wato a sa hoton mutum a dandalin sada zumunta ko a tura wa 'yan uwansa da abokan hulɗarsa cewa macuci ne. Wannan ita ce hanyar da wasu manhajojin ba da rance suka bi, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Ban da haɗarin ƙarar ɓata suna, wanda aka riga aka tozarta ba shi da sauran mutuncin da zai biya don ya kare, kuma wannan mutuncin shi ne abin da duk saƙonnin baya suka jingina da shi.

Ƙarin kuɗi saboda jinkiri ma wuri ne da ake zamewa. A Birtaniya wata doka ta 1998 ta ba kamfani damar ɗora ruwa na kashi 8 cikin 100 a kan ma'aunin babban bankin ƙasar idan wani kamfani ya makara wajen biyansa, shi ya sa ake ganin irin wannan gargaɗi a takardun 'yan kasuwar can. Mai kwaikwayon salon a nan ya sani cewa tarar da ba a yi yarjejeniya a kanta tun farko ba, cusa ta a saƙon tuni sabuwar gardama kawai za ta haifar, ta ba mai jan ƙafa abin fakewa. Ga Musulmi kuma, ƙari a kan bashi saboda an ƙara lokaci riba ce. Naira 180,000 ake bi, ita za a nema, ba ƙari ba ragi.

Abu na ƙarshe da ke rusa tuni shi ne wa'adin da mai shi bai cika ba. Idan 28 ga Oktoba ta zo ta wuce, telar ta sake turo wani "gargaɗi na ƙarshe", sannan wani bayansa, to ta koya wa Alhaji cewa kalmarta ba ta da nauyi, kuma duk takardar da za ta biyo baya ba za a karanta ta ba. Shi ya sa tun kafin ta rubuta maganar kotu ya kamata ta tambayi kanta ko da gaske za ta je. Idan ba za ta je ba, ta tsaya a kan dakatar da aiki da sa babba a tsakani, waɗanda ta san za ta iya. Idan kuwa za ta je, to ranar Talata 29 ga Oktoba da safe ta kama hanyar rajistar kotu, riƙe da rasit ɗin kafin alƙalami, da takardar da aka sa hannu ranar da ta kai kaya, da bayanin asusunta na banki, da hotunan saƙonnin nan bi da bi, musamman wanda Alhaji ya amsa da "haka ne".